Gwajin jini ya nuna cuta: shin tabbas ina ɗauke da ita? Tambayoyi da amsoshi

Aikina gwajin jini ne, a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan Makka. Saboda mutanenmu sun san haka, ba kasafai mako ke ƙarewa ba a tsayar da ni bayan sallar Magariba a Shara Mansur da takarda a hannu ba. Wani fahas ɗin igama ya je, wato gwajin lafiya na neman izinin zama, wata kuma gwajin da ake yi kafin aure, wani jini ya je bayarwa aka kira shi daga baya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji. Na ɗauki gwajin ƙwayar cutar ƙanjamau a matsayin misali domin shi ya fi tayar da hankali, amma lissafin iri ɗaya ne a gwajin ciwon hanta da sauransu.

Takardata ta ce Reactive. Me hakan ke nufi?

Yana nufin jininka ya motsa sinadarin da ke cikin gwajin farko. Wasu takardun Positive suke rubutawa, na Larabci kuma إيجابي. Gwajin farko na tacewa ne, kamar rariya. An ƙera shi ne domin kada mai cuta ya sulale, ko da hakan zai sa ya kama wasu masu lafiya.

Kowa ya san ƙofar bincike ta filin jirgin Jidda. Tana ƙara a kan mai ɗauke da wuƙa, tana kuma ƙara a kan wanda ya manta makulli a aljihu ko agogo a hannu. Ba a taɓa kama mutum saboda ƙarar kaɗai ba, sai a ce ya tsaya gefe a laluba. Reactive ita ce wannan ƙarar. Lalubawar ita ce gwajin tabbatarwa, kuma kafin a yi shi babu ma'aikacin lafiyar da ya san aikinsa da zai ce maka kana da cutar.

An ce mini gwajin yana da inganci 99 cikin 100. Ashe ba saura 1 cikin 100 ne kawai ya rage mini ba?

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, shi ya sa zan tsaya a kai sosai.

Kowane gwaji lamba biyu gare shi. Ta farko: cikin masu cutar 100, nawa yake kamawa? Ta biyu: cikin masu lafiya 100, nawa yake wankewa? Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da gwajin ƙanjamau na gaggawa sai yana kama aƙalla 99 cikin masu cutar 100, yana kuma wanke aƙalla 98 cikin masu lafiya 100. Wato a mafi ƙarancin ingancin da aka yarda da shi, zai iya yi wa mutum 2 ƙage cikin masu lafiya 100.

Yanzu mu ɗauki misali, lambobin yawan cutar na saukaka su ne domin lissafi ya fito fili. A ce mutum 10,000 sun zo fahas, dukkansu garau suke ji, kuma a cikin irinsu mutum 1 cikin 1,000 ne ke ɗauke da ƙwayar. Ke nan masu ita 10 ne, masu lafiya 9,990.

Gwajin zai kama goman nan, kusan dukkansu. Sai ya juya kan masu lafiya 9,990, ya yi kuskure a kan 2 cikin kowane 100. Wannan ya ba mu mutum kusan 200 da aka rubuta musu Reactive alhali babu komai a jininsu. A tara su a ɗaki guda: mutum 210 ne riƙe da takarda iri ɗaya, 10 ne kaɗai masu cutar. Idan kana cikin ɗakin nan, kuma ba mu san komai game da kai ba bayan takardar, yiwuwar kana da ita 10 cikin 210 ce. Wajen 1 cikin 21, bai kai 5 cikin 100 ba.

Gwajin bai lalace ba, ya yi daidai abin da aka ce zai yi. Abin da ya faru shi ne masu lafiya sun yi yawa ƙwarai, har ɗan ƙaramin kuskuren da aka yi a kansu ya rinjayi adadin masu cutar gaba ɗaya.

Tushen ruɗanin kuwa, tambaya biyu ake haɗawa a mayar da su ɗaya. "Idan ina da cutar, gwajin zai nuna?" Amsa: kusan tabbas. "Tunda gwajin ya nuna, ina da cutar?" Wannan wata tambaya ce daban. Mafi yawan Hausawa Musulmi ne, wannan gaskiya ne. Amma duk wanda ya tsaya a Harami lokacin aikin Hajji ya dubi jama'a ya san cewa mafi yawan Musulmi ba Hausawa ba ne. Magana ba ta zama gaskiya don kawai an juya ta.

To ashe gwajin bai gaya mini komai ba?

Ya gaya maka abu mai nauyi. Kafin a ɗebi jininka, yiwuwar 1 cikin 1,000 ce. Bayan sakamako ta koma wajen 1 cikin 21. Ta ninka kusan sau 50. Wanda ya ce "ai ƙarya gwajin yake yi" ya jefar da takarda ya yi kuskure daidai da wanda ya fara rubuta wasiyya. Hujja ta zo, ta ɗaga zato sama, amma daga ƙasa ƙwarai aka faro, don haka ba ta kai shi ga tabbas ba tukuna.

Akwai kuma abin da ya kamata in faɗa don kada in yaudari kowa. Manyan injinan da asibitoci ke amfani da su yau sun fi wancan mafi ƙarancin inganci. Idan a ce injin yana ƙage ga mutum 2 ne kawai cikin 1,000, to a misalinmu masu takardar ƙarya za su zama 20, masu ta gaskiya 10. Yiwuwar ta zama 1 cikin 3. Har yanzu mafi yawansu lafiyarsu lau, amma 1 cikin 3 ba abin wasa ba ne.

Me ya sa mutum biyu masu takarda iri ɗaya za a gaya musu magana daban?

Saboda ba daga wuri ɗaya suka faro ba.

Ɗauki matar da aka tabbatar mijinta yana ɗauke da ƙwayar, sun kuma yi shekaru tare kafin a sani. A ce, don misali, cikin mata irinta 1 cikin 5 ke ɗauka. A tara 1,000 daga cikinsu: 200 masu ita, 800 masu lafiya. Gwajin nan dai, wanda bai canza ba, zai kama 198 daga cikin 200, ya yi ƙage ga 16 daga cikin 800. Masu takardar Reactive 214 ne, 198 na gaskiya. Yiwuwar ta haura 92 cikin 100.

Inji ɗaya, kalma ɗaya a takarda, amma ga direban da ya zo fahas ɗin igama ba tare da wani tarihi ba ma'anarta ƙasa da 5 cikin 100, ga wannan baiwar Allah kuma sama da 92. Shi ya sa likita yake tambayoyin da mutanenmu ke jin nauyinsu: an taɓa ƙara maka jini, a ina, yaushe? An taɓa yi maka allura ko ƙaho ko kaciya da kayan da aka yi wa wani? Akwai wata mu'amala da kake shakka? Kana rama, kana zazzaɓin da ya ƙi tafiya? Tonon asiri ba shi ne nufinsa ba. Yana neman lambar farko ce, wadda in babu ita takardar ba ta karantuwa. Wanda ya ɓoye wa likita gaskiya a nan ya ɓata lissafin da za a yi domin shi kansa.

Ƙasar da mutum ya fito ma tana shiga ciki. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa kusan 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar. Idan aka faro daga nan da wancan gwajin, cikin mutum 10,000 masu ita 140 ne, za a kama wajen 139, a yi ƙage ga wajen 197. Yiwuwar ta zama kusan 41 cikin 100. Wannan ma matsakaicin ƙasa baki ɗaya ne, jiha da jiha sun bambanta, mutum da mutum sun fi bambanta.

Ai ruwa ba ya tsami banza. In babu komai, me zai sa jini ya motsa gwaji?

Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, sai dai ba abu ɗaya ne ke sa shi tsami ba. Galibin gwajin farko sojojin garkuwar jiki yake nema, waɗanda jiki ke ƙerawa idan ƙwayar ta shiga, na zamani kuma yana haɗawa da wani ɓangare na ƙwayar da ake rubutawa p24. Jikin ɗan Adam cike yake da sojoji iri-iri da ya tara daga cututtukan da ya yi fama da su tun yarinta. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu yakan yi kama da wanda ake nema, ya manne wa sinadarin. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Abubuwan da aka san suna jawo haka sun haɗa da juna biyu, allurar rigakafin da aka yi kwanan nan, cututtukan da garkuwar jiki ke juyawa kan mai ita, da wasu cututtukan ƙasashenmu irin su zazzaɓin cizon sauro da tsargiya. Sai kuma kuskuren hannu, wanda mu ma'aikata ba ma son ambatonsa amma yana faruwa: a liƙa sunan wani a kwalbar wani, ko a rubuta sakamako a layin da ba nasa ba.

Ka taɓa ganin wanda abin ya faru da shi?

Sau da yawa. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne direba, mutumin gabashin Kano, watansa biyu da zuwa. Ya same ni a bakin masallaci ya ja ni gefe, ya ciro takarda daga aljihun gaba, ta yi laushi saboda yawan ninkewa da buɗewa. Hannunsa na rawa. Ya ce, "Ɗana, duba mini. Kwana uku ban sa komai a bakina ba sai ruwa. Me zan gaya wa uwar 'ya'yana?"

Na ce, "Kawu, zauna tukuna. Gwaji nawa aka yi maka?"

Ya ce ɗaya. Na tambaye shi tarihinsa, babu ƙarin jini, babu wani abin da yake shakka, mace ɗaya shekara ashirin da wani abu. Sai dai ya kwanta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani gab da tasowarsa daga gida. Na karɓi biro na zana masa lissafin mutum 210 a bayan takardar, na kewaye 10, na kewaye 200. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan 200 ya ce, "Wato ina iya zama cikin waɗannan?" Na ce masa ya fi kusa da zama cikinsu, amma ni ba zan rantse ba sai an sake gwaji, kuma kada ya bari a wuce mako.

Aka sake ɗibar jini, aka yi gwaji na wani kamfani daban, bai nuna komai ba. Aka yi PCR, wanda ke neman ƙwayar ita kanta, ba a same ta ba. Abin da ya ɓata mini rai a lamarinsa shi ne tun kafin a yi gwaji na biyu wani ma'aikaci ya riga ya shaida wa kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, har an ware masa kofi da faranti a gidan da yake aiki. Takarda ta wanke shi cikin kwanaki, amma kallon da ake yi masa ya ɗauki watanni kafin ya gyaru. Wannan zalunci ne, kuma rashin sanin wannan ɗan lissafin ne ya haife shi.

Yaya gwaji na biyu yake canza lissafin?

Abin da gwajin farko ya bari shi ne mafarin na biyu. Mu koma ɗakin nan mai mutum 210, masu cutar 10, masu lafiya 200. A yi musu wani gwajin daban mai inganci irin na farko. Zai sake kama goman nan. Cikin 200 kuma zai yi ƙage ga 2 cikin 100, wato mutum 4. Saura 196 sun tafi gida. Waɗanda suka nuna sau biyu 14 ne, 10 na gaskiya: wajen 71 cikin 100.

A yi na uku a kan mutum 14 ɗin. Goman za su sake nunawa. Cikin huɗun nan kuwa, 2 cikin 100 na mutum 4 bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na mutum guda ba. Wanda ya nuna sau uku a jere, yiwuwarsa ta haura 99 cikin 100.

Dubi tafiyar: 1 cikin 1,000, sai kusan 5 cikin 100, sai 71, sai sama da 99. Wannan ne dalilin da ya sa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ce wa mutum yana ɗauke da ƙwayar sai gwaji uku mabambanta sun nuna a jere. Idan suka saɓa wa juna aka kasa yanke hukunci, sai a ce ya dawo bayan kwana 14.

In je wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a maimaita mini gwajin, ya wadatar?

Ya danganta da abin da aka maimaita. Lissafin da na yi a sama yana tsayawa ne idan kuskuren gwaji na biyu ba shi da alaƙa da kuskuren na farko. Shaidu biyu da suka ga abu da idonsu, kowa daga inda yake tsaye, shaidu biyu ne. Amma idan dukansu daga bakin mutum ɗaya suka ji, ko sun kai goma shaida ɗaya ce.

Idan akwai wani soja a jininka da ke manne wa sinadarin wani kamfani, to ko sau biyar aka yi maka gwajin wannan kamfanin zai nuna sau biyar, kai kuma hankalinka yana ƙara tashi a banza. Na ga wanda ya zaga wurare uku ya biya kuɗi sau uku, ashe duk inji iri ɗaya suke da shi. Haka kuma idan kwalba aka musanya, sake gwada jinin da ke cikin wannan kwalbar ba zai tona kuskuren ba. Abin da za ka nema shi ne sabon jini daga hannunka, ka ga an liƙa sunanka a gabanka, a kuma yi gwaji na wani iri: wanda ke bambance nau'in sojojin, ko PCR.

Na ga wata lamba kusa da sakamakon, an rubuta S/CO. Tana da amfani?

Tana da shi. Injin ba "e" ko "a'a" yake gani ba, ƙarfin motsi yake aunawa ya gwada shi da wata iyaka. A yawancin injina, daga 1.0 zuwa sama ake rubuta Reactive. Wanda lambarsa ta ɗan haura iyaka da wanda tasa ta kai ɗaruruwa duk kalma ɗaya za a rubuta musu, amma hujjar ba ƙarfi ɗaya gare ta ba. Galibin sakamakon ƙage a kusa da iyaka suke taruwa. Kada dai ka yanke wa kanka hukunci da ita, domin wanda ƙwayar ta shige shi kwanan nan shi ma lambarsa kan fara da ƙasa. Nuna wa likita, shi zai haɗa ta da tarihinka.

Me zai hana a ɗaga iyakar don a daina tsorata mutane?

Duk inda ka matsar da ita, wani ne zai biya. Ka ɗaga ta, ƙage ya ragu, amma wasu masu cutar su wuce a ce musu lafiya lau, jininsu ya shiga jikin mai haihuwa ko yaro mai sikila. Ka sauke ta, ka kama kowa, ka kwana da masu lafiya cikin fargaba. A gwajin tacewa an zaɓi na biyu da gangan, domin fargabar mako guda tana da magani, wato gwajin tabbatarwa, jinin da aka riga aka ƙara wa wani kuwa ba ya dawowa. Ina ganin zaɓin daidai ne. Inda muke gazawa shi ne ba ma gaya wa mutum wannan tun kafin a soka masa allura.

Nawa ya nuna Non-reactive. Shi ke nan na tsira?

Ga mai fahas na yau da kullum wanda ba shi da wani abin shakka, e. A misalinmu na mutum 10,000, waɗanda gwajin ya wanke wajen 9,790 ne, kuma yiwuwar mai cuta ya ɓuya a cikinsu ta yi kusa da 1 cikin 100,000.

Wanda wani abu ya faru da shi kwanan nan, nasa daban ne. Jiki yana ɗaukar lokaci kafin alamar ta bayyana a jini. Gwajin da ke neman ƙwayar kai tsaye yakan gan ta tsakanin kwana 10 zuwa 33 bayan shigarta. Na ɗakin gwaje-gwaje mai haɗa p24 da sojojin garkuwa, kwana 18 zuwa 45. Mai neman sojoji kaɗai, kwana 23 zuwa 90. Idan allurar da aka yi wa mai cutar ta soke ka shekaranjiya, sakamakon yau bai ce komai a kan wannan sukar ba, domin da mai ɗauka da wanda bai ɗauka ba duk Non-reactive za su samu. Hujjar da ke fitowa iri ɗaya ko da cuta ko babu ba ta matsar da zato ko taku ɗaya. Mai irin wannan hali ya garzaya asibiti, akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72, sannan a sa masa ranar sake gwaji.

Wa ya fito da wannan lissafin, kuma yaya ake rubuta shi?

Ana danganta shi ga Thomas Bayes, wani malamin coci a Ingila da ya rasu a 1761. Abokinsa Richard Price ne ya fitar da rubutun a 1763, daga baya Laplace na Faransa ya gano shi da kansa ya faɗaɗa shi. Ɗalibai za su gan shi a littafi haka, inda A ke nufin akwai cuta, B kuma gwaji ya nuna:

```
P(A|B) = P(B|A) × P(A) / P(B)
       = (0.99 × 0.001) / (0.99 × 0.001 + 0.02 × 0.999)
       ≈ 0.047
```

Wannan 0.047 shi ne 10 cikin 210 da muka samu da ƙidayar kawuna. Ni dai ban taɓa buƙatar alamomin nan a bakin masallaci ba. A ɗauki mutum 10,000, a raba su gida biyu, a ƙirga waɗanda gwaji zai nuna a kowane gida, amsa ta fito.

Likitoci ai sun san duk wannan, ko?

Sun karanta shi, amma ƙwaƙwalwa ba ta son sa. A 1978 an yi wa mutum 60 a asibitocin koyarwa na Harvard, likitoci da ɗaliban likitanci, tambaya irin wannan: cuta tana kama 1 cikin 1,000, gwaji yana ƙage ga 5 cikin 100, mutum ya nuna, mene ne yiwuwar yana da ita? Kusan rabinsu suka ce 95 cikin 100. Amsar gaskiya wajen 2 cikin 100 ce, kuma 11 ne kaɗai suka same ta. Don haka idan kai ma ka ruɗe da farko, tare da manya ka ruɗe. Kuma ba rashin ladabi ba ne ka tambayi likita da lafazi mai kyau: "Likita, cikin mutane irina da wannan gwajin ya nuna, nawa ne ake samu da cutar da gaske?"

Gwajin aure ne ya nuna wa wanda zai auri 'yata. In fasa?

Hajiya, kada ki fasa a kan gwajin farko, kada kuma ki ɗaura a kansa. Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure a 2004 domin sikila da wata cutar jini ta gado, a 2008 aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Masu zuwa wannan gwajin galibi matasa ne masu lafiya, wato daidai irin taron da ƙage ke yawa a cikin waɗanda suka nuna. A ɗaga ranar da mako biyu ko uku a jira tabbatarwa, kuma maganar ta tsaya tsakanin waɗanda dole su sani. Idan ta fita zuwa gidan biki da wayoyin dangi a Kano da Damagaram, babu sakamakon da zai iya bin ta ya dawo da ita.

A gwajin ciwon hanta nau'in C akwai ƙarin wani abu. Kusan 3 cikin 10 na waɗanda ƙwayar ta shiga, jikinsu yana kore ta da kansa, amma sojojin suna nan a jini har tsawon rai. Irin wannan mutumin gwajin farko zai nuna, kuma ba ƙage ba ne, sawun abin da ya riga ya wuce ne. PCR ne ke faɗin ko ƙwayar tana nan yanzu. In ma tana nan, maganin sha na mako 8 zuwa 12 yana warkar da fiye da 95 cikin 100.

Me zan yi a kwanakin da nake jiran tabbatarwa?

Riƙe lambobi biyu a ranka tare. Yiwuwar lafiyarka lau tana da girma, don haka ka ci abinci, ka yi barci, ka fita aikinka. Yiwuwar akwai cutar kuma ta fi ta jiya, don haka kada ka ba da jini, kada ka raba reza da kowa, ka kuma kare iyalinka a shimfiɗa har sakamako ya fito. Cin abinci a kwano ɗaya, musabaha da sahun salla ba sa yaɗa ta.

Kafin ka bar asibitin, tambayi sunan gwajin da aka yi maka da na wanda za a yi na gaba, ka tabbata ba iri ɗaya ba ne, ka kuma karɓi ranar dawowa a rubuce. Ga mai fahas ɗin igama wannan ya fi muhimmanci, domin baƙon da aka tabbatar yana ɗauke da ƙwayar ba a ba shi izinin zama, saboda haka kana da cikakken dalilin neman a kammala tabbatarwa kafin a rufe fayil ɗinka. In Larabcinka bai kai ba, tafi da wanda ka amince da bakinsa ya yi maka tafinta. Idan kuma aka tabbatar akwai, a fara magani da wuri: yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma wanda ya riƙe ta har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya.